Taransisto ɗaya, aiki biyu: yaushe yake zama makunni, yaushe yake ƙara murya?

A unguwannin cikin ganuwar Kano irin su Yakasai, Mandawari da Jakara, akwai abubuwa biyu da kusan kowa ya saba da su. Na farko shi ne fitilar caji mai kama da kanta da zarar an ɗauke wuta. Na biyu kuma lasifikar masallacin unguwa, wadda ke ɗaukar muryar ladani ɗaya ta kai ta har ƙarshen lungu. Idan aka buɗe cikin waɗannan na'urori, musamman tsofaffin ƙira, za a ga wani ɗan baƙin abu mai ƙafa uku wanda bai kai ƙwayar gyaɗa girma ba. Wannan shi ne taransisto.

A cikin fitilar, aikinsa bai wuce kunnawa da kashewa ba. A cikin amfilifaya kuwa, yana bin muryar mutum ne daki-daki yana ƙara mata ƙarfi. Sau da yawa lamba ɗaya ce a jikin duka biyun. Abin da ya raba su shi ne yawan wutar da aka tura wa ƙafa ɗaya daga cikin ukun. Rashin gane wannan ne ke sa mai koyon gyara ya canza taransisto sau uku a na'ura ɗaya, kowanne ya ƙone, ko kuma ya haɗa amfilifaya muryar ta riƙa fitowa a shaƙe.

Ƙafafu uku da dokar da ke tsakaninsu

Nau'in da ake magana a kansa a nan shi ne wanda littattafai ke rubutawa BJT. John Bardeen da Walter Brattain ne suka haɗa taransisto na farko a Bell Labs da ke Amurka a watan Disamba na 1947, sannan William Shockley ya tsara wannan nau'i a 1948. Yana zuwa iri biyu, NPN da PNP. Misalan da ke tafe duk na NPN ne, domin shi mai koyo ya fi cin karo da shi.

Ana kiran ƙafafun bes, kalekta da emita, kuma a jikin mita ko allon na'ura ana rubuta su B, C da E. Babbar wutar da za ta yi aiki tana shiga ta kalekta ta fita ta emita. Bes kuma shi ne mai ba da izini. Za a iya kwatanta shi da kan famfo: hannun da ke murɗa shi ba shi ne ruwan ba, amma shi ke yanke yawan ruwan da zai zubo.

Akwai sharuɗɗa biyu. Na farko, taransiston silikon ba ya buɗewa sai ƙarfin wutar da ke tsakanin bes da emita ya kai wajen bolt 0.6 zuwa 0.7. Na biyu, idan ya buɗe, wutar da ke bi ta kalekta tana zama ninkin wadda ta shiga bes. Ana rubuta dokar haka:

```
Ic = hFE × Ib
```

Ib ita ce wutar bes, Ic ta kalekta, hFE kuma shi ne adadin ninkin, wanda wasu ke kira bita. Idan ninkin 200 ne aka tura wa bes miliamfiya 0.1, kalekta zai ja miliamfiya 20. Miliamfiya ɗaya kashi ɗaya ce cikin dubu na amfiya.

Taransisto ba ya ƙirƙirar wuta. Miliamfiya 20 ɗin daga batir take fitowa, shi dai ya buɗe mata hanya ne gwargwadon abin da bes ya samu.

Ninkin ba alƙawari ba ne

A nan ne mafi yawan matsala ke farawa. Adadin hFE ba tsayayye ba ne. Takardar bayanin 2N2222A ta ba da ninki daga 100 zuwa 300 idan kalekta na jan miliamfiya 150. Ta BC547B ta ba da 200 zuwa 450. Wato idan mutum ya fita ta Ƙofar Mazugal ko Ƙofar Mata ya je Sabon Gari ya sayo guda goma masu lamba ɗaya, ya soka su ɗaya bayan ɗaya a ramin mita mai rubutun hFE, zai iya ganin lambobi goma mabambanta, kuma dukkansu lafiyayyu ne.

Bayan haka, ninkin yana ƙaruwa idan taransiston ya yi zafi, yana kuma raguwa idan wutar kalekta ta yi yawa. A garin da zafin watan Afrilu kan kai digiri 40 a inuwa, ballantana cikin shago mai rufin kwano, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa gwanin haɗa na'ura ba ya jingina aikinsa da takamaiman ninki. Makunni da amfilifaya kowanne yana da dabararsa ta kauce wa dogaro da shi.

Halaye uku da taransisto ke shiga

Idan babu wuta a bes, taransisto a rufe yake. Babu abin da ke wucewa, kuma idan aka auna tsakanin kalekta da emita za a ga dukkan ƙarfin batir.

Idan aka fara tura wa bes wuta kaɗan-kaɗan, sai ya shiga halin tsaka-tsaki. A nan ne dokar ninki ke aiki: a ƙara wa bes kaɗan, kalekta ya ƙara da yawa, a rage, ya rage.

Idan aka ci gaba da ƙarawa, za a kai inda kayan da aka haɗa, fanka ce ko fitila, sun riga sun ja duk abin da za su iya ja. Daga nan komai aka ƙara wa bes, wutar kalekta ba za ta ƙaru ba. Wannan shi ne halin ƙoshi. Alamarsa ita ce ƙarfin da ke tsakanin kalekta da emita ya faɗi zuwa wajen bolt 0.2 ko ƙasa da haka.

Makunni yana tsalle ne tsakanin rufewa da ƙoshi, ba ya son tsayawa a tsakiya. Amfilifaya kuwa a tsakiyar take zama, ba ta son taɓa ko ɗaya daga cikin gefunan biyu.

Misali na farko: kunna ƙaramar fanka

A ɗauka wani matashi a Gwale yana da batirin sola mai bolt 12 da ƙaramar fanka mai jan miliamfiya 100. Yana so ya riƙa kunna ta da siginar bolt 5, irin wadda ke fita daga allon Arduino. Ƙafar allon ba za ta iya ɗaukar fankar kai tsaye ba, don haka sai ya sa 2N2222A a tsakani. Fankar na tsakanin jan wayar batir da kalekta, emita na haɗe da baƙar waya, siginar kuma na shiga bes ta cikin rizisto. Dole baƙar wayar allon da ta batirin su haɗu wuri ɗaya, in ba haka ba babu abin da zai yi aiki.

Tambayar ita ce: rizisto mai om nawa za a sa? Ƙa'idar da masu sana'ar suka saba bi ita ce a manta da ninkin 200 ko 300, a yi lissafi kamar ninkin 10 ne kawai. Tunda fankar na buƙatar miliamfiya 100, sai a ba bes wajen miliamfiya 10. Daga bolt 5 na sigina, bes zai riƙe 0.7, saura 4.3 a kan rizisto:

```
Rb = (5 − 0.7) / 0.010 = 430 Ω
```

Wanda ya fi kusa da wannan a cikin waɗanda aka fi samu a kasuwa shi ne mai om 470, kuma zai ba da wajen miliamfiya 9. Da wannan, ko ninkin taransiston 100 ne ko 300, zai ƙoshi. Fankar za ta samu kusan bolt 11.8, taransiston ya riƙe 0.2. Zafin da yake sha shi ne 0.2 sau amfiya 0.1, wato wat 0.02, wanda ko yatsa ba zai ji ba.

Yanzu a ɗauka matashin bai samu mai om 470 ba, ya ɗauko mai om 10,000 daga tsohon allon rediyo. Wutar bes ta koma miliamfiya 0.43. Idan ya yi sa'a taransiston nasa mai ninki 300 ne, lissafin zai ba da 129, wanda ya wuce 100 da fankar ke nema, sai komai ya yi aiki, ya ɗauka ya gama. Ranar da aka canza taransiston da wani mai ninki 100, wutar kalekta za ta tsaya a miliamfiya 43. Idan aka ɗauki fankar kamar rizisto mai om 120 don sauƙin lissafi, za ta samu wajen bolt 5 kawai, sauran kusan bolt 7 su maƙale a kan taransiston. Zafin da yake sha ya tashi zuwa kusan wat 0.3, fiye da ninki goma na dā. A ƙaramin taransisto mai jikin roba, wannan kan ɗaga zafin cikinsa da wajen digiri 60 sama da na ɗakin. Fanka na juyawa da ƙyar ko ma ta ƙi tashi, taransisto na ƙona yatsa.

Mai gyaran da bai auna ba zai ce an sayar masa da jabu. Alhali makunnin ne ya faɗa halin tsaka-tsaki saboda ba a ƙosar da bes ba. Gwajin abu ne mai sauƙi: a kunna na'urar, a ɗora mita tsakanin C da E. Idan ta nuna ƙasa da bolt 0.3, makunnin ya ƙoshi. Idan ta nuna bolt biyu, huɗu ko bakwai, a rage girman riziston bes.

Akwai kuma abu ɗaya da ba a mantawa da shi idan kayan da ake kunnawa na da naɗin waya a ciki, kamar mota ko rile. A daidai lokacin kashewa, naɗin kan harbo ƙarfin wuta mai yawa wanda zai iya fasa taransiston. Maganinsa shi ne a gitta diyod irin 1N4007 a kan kayan, gefen da ke da zobe yana kallon jan waya. Taransiston da ke mutuwa lokacin kashewa, ba lokacin kunnawa ba, yawanci rashin wannan diyod ne ya kashe shi.

Fitilar caji mai kama da kanta ma wannan dabarar take bi. A ƙira mai sauƙi, wutar caji ce ke riƙe taransiston a rufe. Da an ɗauke wuta, sai bes ya samu hanyarsa ta batir, taransiston ya ƙoshi, ƙwayayen su kama.

Misali na biyu: ɗaga muryar makirfo

Siginar da makirfo ke fitarwa ba ta wuce 'yan milibolt, kuma tana hawa da sauka ne daidai da murya. Tunda taransisto ba ya buɗewa sai an kai bolt 0.6, irin wannan sigina ita kaɗai ba za ta motsa shi ba. Don haka sai a fara buɗe shi rabi-rabi tun kafin kowa ya yi magana, sannan a shigo da muryar ta cikin kafasita ta riƙa ɗan ƙara wa wutar bes tana ragewa. Wannan saitin farko shi masu gyara ke kira bayas.

A ɗauki batir mai bolt 9, da BC547B, da rizisto mai om 4,700 a kalekta. Ana so kalekta ya zauna wajen rabin ƙarfin batirin, domin ya samu filin hawa da na sauka. Idan wutar kalekta miliamfiya 1 ce, riziston zai ci bolt 4.7, kalekta ya zauna a 4.3. Da ninki 200, wutar bes da ake buƙata ita ce miliamfiya 0.005. A misalin fanka an ba bes miliamfiya 9, wato kusan sau dubu biyu na wannan.

Hanya mafi sauƙi ita ce a jawo rizisto ɗaya babba, mai wajen om miliyan 1.6, daga batir zuwa bes. Zai yi aiki da taransisto mai ninki 200. Amma idan aka sa mai ninki 400, wanda shi ma BC547B ne lafiyayye, kalekta zai nemi jan miliamfiya 2. Wannan na buƙatar bolt 9.4 a kan riziston kalekta, alhali batirin 9 ne kawai. Sai taransiston ya ƙoshi, amfilifayar ta koma makunni a kunne. Murya ko dai ta ɓace, ko ta fito a yayyage domin an datse rabinta.

Gyaran da aka saba yi shi ne a kafa ƙarfin bes da rizisto biyu, sannan a sa na uku a ƙarƙashin emita. Mai om 47,000 daga batir zuwa bes, mai om 10,000 daga bes zuwa ƙasa, sai mai om 1,000 a emita. Na farko da na biyu za su tsayar da bes a wajen bolt 1.6. A cire 0.7, emita ya samu wajen 0.9. Wannan ƙarfin a kan om 1,000 na nufin wutar da ke wucewa ta kusa miliamfiya 0.9, kuma kalekta zai zauna a wajen bolt 5. Idan zafi ko sabon taransisto ya nemi ƙara wutar, ƙarfin emita zai tashi, tazarar da ke tsakaninsa da bes ta ragu, wutar ta koma inda take. Da ninki 200 ko 400, bambancin bai kai kashi uku cikin ɗari ba.

Ninkin wuta daban, ninkin murya daban

Masu koyo da yawa na ɗauka cewa taransisto mai hFE 300 zai ƙara murya sau 300. Ba haka ba ne. hFE ninkin yawan wutar da ke gudana ne. Ninkin ƙarfin sigina kuwa rizistocin da ke kewaye ne ke yanke shi. A haɗin da aka bayyana a sama, lissafin kusan haka yake:

```
Av ≈ Rc / Re = 4700 / 1000 = 4.7
```

Wato siginar za ta fito ta ninku sau 4.7 kawai, amma a tsaftace. Idan ana son fiye da haka, sai a gitta kafasita a kan riziston emita, ta yadda murya za ta bi ta cikinta ba tare da an taɓa saitin farko ba. A wannan yawan wutar, ninkin zai iya kaiwa wajen 150 idan ba a ɗora wa mafitar wani nauyi ba, sai milibolt 5 na makirfo ya zama wajen bolt 0.75. Amma da farashinsa: idan mai magana ya ɗaga murya, siginar na saurin lalacewa. Shi ya sa amfilifaya ta gaske ke jera matakai biyu ko uku, kowanne ya ɗaga kaɗan.

Mataki na ƙarshe shi ke tura lasifika, kuma a nan ake ganin manyan taransistoci irin 2SC5200 da abokin aikinsa 2SA1943 an ɗaure su a jikin farantin alminiyom. Dalilin farantin ya fito tun a misalin fanka: duk taransiston da ke zaune a tsaka-tsaki yana riƙe da ƙarfin wuta yayin da wuta ke bi ta cikinsa, kuma haɗuwar biyun ita ce zafi. A makunni wannan zafin alamar kuskure ne. A amfilifaya kuwa wani ɓangare ne na aikin, sai dai a nema masa hanyar fita. Amfilifayar masallaci da aka kulle a akwati marar iska, ko aka jera mata lasifiku fiye da ƙarfinta, waɗannan manyan taransistocin ne ke fara mutuwa a cikinta.

Yadda ake ganewa da mita

Kafin a cire komai, awo biyu sun isa su nuna halin da taransisto ke ciki. A auna tsakanin B da E: wajen bolt 0.6 zuwa 0.7 na nufin a buɗe yake, kusa da sifili kuma a rufe. Sai a auna tsakanin C da E: kusan dukkan ƙarfin batir na nufin rufewa, ƙasa da 0.3 ƙoshi, abin da ke tsakani kuma tsaka-tsaki. Daga nan sai a tambayi kai, wane aiki aka sa shi? Tsaka-tsaki a ƙaramin matakin ɗaga murya lafiya ce, a makunni kuwa cuta ce.

Idan an cire shi, a juya mita zuwa alamar diyod. A NPN, jan tsinke a bes da baƙi a emita ko kalekta zai nuna wajen 0.6 zuwa 0.7. Idan aka juya tsinkayen, bai kamata ta nuna komai ba. Idan tsakanin C da E ya nuna kusan sifili, taransiston ya ƙone.

Jerin ƙafafu ma na kayar da mutane. Idan aka kalli gefen da ke da rubutu, ƙafafu na ƙasa, daga hagu zuwa dama BC547 yana da C, B, E. S8050 yana da E, B, C. C945, wanda ya cika tsofaffin rediyoyi, yana da E, C, B. Jikinsu iri ɗaya ne, don haka wanda ya musanya ɗaya da wani ba tare da lanƙwasa ƙafafun ba zai sha mamaki.

Gargaɗi ga mai son gwadawa: fitilun caji masu araha da ake soka wa a bango kai tsaye, da yawansu ba su da abin da ya raba allonsu da wutar gida, kuma kafasitarsu kan riƙe wuta bayan an cire. Kada a buɗe su suna jone. Mai koyo ya tsaya ga batir mai bolt 9 ko 12.

Ina wayar hannu a cikin wannan?

Rediyon Regency TR-1 da ya fito a 1954 taransisto huɗu ne a cikinsa. Ƙwaƙwalwar wayar zamani kuwa tana ɗauke da biliyoyi, sai dai nau'in MOSFET ne, wanda ƙarfin wuta ke sarrafawa ba tare da ya riƙa jan wutar bes ba, kuma kusan dukkansu aikin makunni suke yi. Duk da haka dangin BJT ba su bar wayar ba. A wayoyi da yawa, ɓangaren da ke ƙara wa sigina ƙarfi kafin ta tafi eriyar kamfanin sadarwa da wani nau'insa ake yin sa. Wannan na cikin dalilan da ke sa waya ɗumi idan aka daɗe ana kira a ɗakin da sabis ba shi da ƙarfi, irin ɗakunan ƙasa masu kaurin bango na cikin birni: amfilifayar ce ke aiki da ƙarfinta.

Wanda ke son ganin halayen uku da idonsa, batir mai bolt 9, BC547 ɗaya, ƙwan LED da rizisto mai om 470 a kalekta sun ishe shi. Ya gwada rizisto mai om miliyan 1 a bes, sannan mai om 10,000, yana auna tsakanin C da E kowane lokaci. Da na farko ƙwan zai yi dishi-dishi, mita ta nuna bolt da yawa. Da na biyu zai haska sosai, mita ta faɗo ƙasa da 0.3. Idan ya cire riziston bes gaba ɗaya, ƙwan zai mutu.